Shinkafa da wake a murhun rana: me ya sa waken ya ƙi nuna?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masu girki da murhun rana, irin na akwati mai murfin gilashi da madubi ɗaya a baya. Shinkafa zalla tana dahuwa lafiya a nawa, dankali ma haka. Amma garau-garau ya gagara. Ina zuba wake da shinkafa a tukunya ɗaya wajen sha ɗaya na safe, in buɗe bayan azahar in tarar shinkafar ta caɓe, waken kuma idan ka tauna sai ka ji tsakiyarsa da ƙarfi. A Kano nake, kuma kun san yanzu hunturu ne. Laifin akwatin ne, ko na waken, ko na lokacin?

Nura Mai Sola: Wa alaikumus salam Anti. Fanel ɗinki wat nawa ne, kuma batirin naki guda nawa? Abin girki yana jan wuta sosai. Idan inbatar ƙarama ce ba za ta riƙe zafi har wake ya nuna ba.

Maman Hanif: A'a Nura, babu fanel babu batir. Akwati ne kawai, hasken rana ke shiga ta gilashi ya zafafa tukunya.

Nura Mai Sola: Au, to na fahimta. Bari in koma gefe in saurara, wannan ba layina ba ne.

Hajiya Rabi Sakkwato: Ƙanwata, akwatinki lafiyarsa lau tunda yana dafa shinkafa. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko kin haɗa su tun farko, alhali ko a kan itace ba a yin haka, wake ake fara sawa sai ya ɗauko nuna a zuba shinkafa. A murhun rana tazarar ta fi faɗi, domin ruwan ba ya tafasa da ƙarfi, a hankali yake tsatstsafa. Na biyu kin makara. Sha ɗaya a hunturu lokacin zuba shinkafa ya kusa, waken ya kamata ya daɗe a ciki.

Ga yadda nake yi wa mutum biyar zuwa shida, da gwangwanin madara nake awo. Wake gwangwani 2, in tsince in wanke in jiƙa shi bayan isha'i. Da asuba in zubar da ruwan jiƙon in ɗauraye. Wajen takwas da rabi nake fitar da akwatin, in sa tukwane biyu a ciki. Ɗaya wake ne da ruwa gwangwani 3, iya abin da zai rufe shi da kamar gaɓar yatsa ɗaya. Ɗayar ruwa ne zalla gwangwani 5, shi ma da murfinsa. Daga nan ba na ɗaga gilashin sai wajen sha ɗaya da rabi. Idan na matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsuna ta murƙushe amma da sauran ɗan ƙarfi, to lokaci ya yi. Sai in zuba shinkafa gwangwani 4 wadda na riga na wanke ta tsane, in juye mata ruwan zafin nan na tukunya ta biyu, in sa gishiri, in juya sau ɗaya, in rufe da sauri. Zuwa ɗaya da rabi ko biyu an gama. Sai manja ko man gyaɗa da yaji da albasa.

Tukunya ta biyun nan ita ce sirrin. Idan kika zuba ruwan sanyi a kan waken da ya yi awa uku yana tara zafi, kin mayar da kanki farko, kuma ranar ba za ta jira ki ba.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Hajiya. Amma ruwan bai yi kaɗan ba? Ni a kan gas shinkafa gwangwani 4 sai na zuba mata ruwa kusan 8, wani lokacin ma in ƙara.

Hajiya Rabi Sakkwato: A kan gas rabin aikin ruwan gudu ne, tururi yake zama ya tafi. A akwati kusan babu abin da ke fita daga tukunya idan murfin ya zauna daidai. Ruwa 5 ɗin da ragowar na jikin waken sun ishi shinkafar da aka turara. Idan ta gida ce sabuwa mai laushi, rage rabin gwangwani. Yawan ruwa shi ya caɓe miki shinkafa, kuma shi ya cinye zafin da ya kamata ya shiga waken.

Malam Auwal: Hajiya ta faɗi gaskiya, bari in ƙara dalilin don a gane me ya sa ruwa ke da tsada haka a wannan murhu. A akwati madaidaici, mai gilashi kamar rabin mita kowane gefe, lita ɗaya ta ruwan randa tana iya cin kusan awa guda kafin ta kai ga tafasa, ko da rana ta fito tas. Duk kofin da kika ƙara ba gaira ba dalili, mintuna ne kika cire daga lokacin dahuwa. Wake kuma ba ya fara laushi sosai sai ruwan ya matso kusa da tafasa ya zauna a nan. Idan kin sa sha ɗaya da ruwa mai yawa, wataƙila sai wajen ɗaya tukunyar ta yi zafin kirki, sannan ƙarfin ranar ya fara sauka bayan biyu. Shinkafa ta samu abin da take buƙata har ya yi mata yawa, wake bai samu rabin nasa ba.

Sannan ina so in san ina bakin akwatin ke kallo, Maman Hanif.

Maman Hanif: Tsakar gida nake ajiye shi inda babu inuwa, madubin a buɗe. Gaskiya ban taɓa lura da inda yake kallo ba. Na ɗauka da rana ta take ai tana tsakiyar kai.

Malam Auwal: A watan Disamba ba ta zuwa tsakiyar kai a Kano. Ki gwada gobe: ki kafa tsinke ko muciya a tsaye da tsakar rana, za ki ga inuwar ta miƙe arewa, tsawonta ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tsawon abin. Ranar ta karkata kudu ke nan. Saboda haka a wannan lokaci madubin zai tsaya ta arewa, fuskarsa na kallon kudu. Da hantsi ki karkata akwatin kudu maso gabas, da tsakar rana kudu sak, bayan azahar kudu maso yamma.

Ba sai kin nemi alƙibla ba. Ki tsaya bayan akwatin ki dubi inuwarsa. Idan ta faɗi a bayansa daidai, ba ta zurma dama ko hagu ba, to yana fuskantar rana. Sai ki ɗaga madubin ko ki sunkuyar da shi har ki ga hasken da yake maidowa ya cika cikin akwatin, ya sauka a kan tukwane, ba a kan katakon gefe ko a ƙasa ba. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, don haka juyi ɗaya a awa ya isa. Idan za ki shiga wani aiki, ki ɗan wuce da shi gaba ta inda ranar za ta nufa, yadda za ta zo ta same shi ta wuce kafin ki dawo.

Wani abu da mutane ke mantawa: tsakar rana a Kano ba sha biyu daidai ba ce, wajen sha biyu da rabi ne. A Sakkwato ta fi haka jinkiri da 'yan mintuna, a Maiduguri kuma ta fi kusa da sha biyu.

Bashir Zariya: Malam ni fa ina ganin magana ɗaya ce, zafi. A hunturu ana sanyi, murhun rana ba zai yi aiki ba. Ta ajiye shi kawai sai Maris ko Afrilu lokacin da ko ƙwai ka ajiye a kan siminti sai ya yi ɗumi. Ƙanwar babana tana da irinsa, sai bazara take fito da shi.

Malam Auwal: Ka yi daidai a rabi Bashir. Bazara ta fi, babu musu. Amma ba zafin iska ne ke dafa abincin ba, hasken da ke zuwa kai tsaye ne. Ranar hunturu da gari ya washe tas, sama shuɗiya, za ta dafa wake fiye da ranar Mayu mai gumi da gajimare ya rufe. Abin da ke rage wa hunturu ƙarfi abu uku ne: hazo, iska, da gajartar lokaci. A Disamba awannin da rana ke da tsayin kirki a Kano, wato lokacin da inuwar mutum ta fi shi gajarta, kamar huɗu ne, daga goma da rabi zuwa biyu da 'yan mintuna. A ƙarshen Maris sun kusan shida. Shi ya sa a bazara ko ka makara ka tsira, a hunturu kuwa sai ka fita da wuri tukwanen su fara ɗumi tun kafin ƙarfin ranar ya zo.

Hajiya Rabi Sakkwato: Ni inuwa nake dubawa kafin in yanke shawarar abin da zan dafa. Kafin in fitar da akwatin sai in miƙa hannuna a rana in dubi ƙasa. Idan na ga yatsuna biyar a rarrabe, gefensu kaifi-kaifi, ranar wake ce. Idan inuwar ta dushe amma ana gane hannu ne, sai in ƙara awa ɗaya a lissafi, ko in fara tafasa waken a kan gawayi minti goma in kai shi akwati da zafinsa. Idan kuwa hazo ya sauka har rana ta zama fara fat kamar faifai, babu inuwa sam, ba na wahalar da kaina. Ranar sai wuta.

Kuma a lokacin hazo gilashi da madubi suna yin ƙura cikin awa biyu. Duk lokacin da na je juya akwatin da tsumma mai laushi nake tafiya. Busasshe fa, kada ki sa jiƙaƙƙen tsumma a gilashin da ya yi zafi, yana iya tsagewa.

Zara'u Maraɗi: Sannunku da hira. Ni nawa ba akwati ba ne, mai faranti ne, babba mai ƙyalli wanda tukunya ke zama a tsakiya. Faɗinsa ya kusa mita ɗaya da rabi. Shi girkinsa irin na wuta ne, ruwa lita ɗaya yana tafasa cikin minti goma zuwa sha biyar idan rana ta yi kyau. Wake da shinkafa duka a awa ɗaya da rabi na gama, ko ban jiƙa ba. To amma ba a barin sa. Kowane minti goma sha biyar sai na gyara shi, in ba haka ba hasken ya zame daga gindin tukunya. Yana kuma kama ƙasa idan ruwa ya tsane, don haka nawa awon ruwan irin na itace ne, ba irin na Hajiya ba. Kada wani mai irin nawa ya ɗauki awonta ya ƙona abinci.

Maganar hazo kuwa, mu ya fi cuta. Ranar da mai akwati zai iya lallaɓawa ya samu shinkafa, ni ko ruwan shayi ba na samu.

Malam Auwal: Haka ne Malama Zara'u. Faranti yana tattara hasken da ya zo a miƙe daga rana ne kawai. Ƙura tana warwatsa hasken, ya riƙa zuwa ta ko'ina, kuma wanda ya warwatse ba ya taruwa wuri ɗaya. Akwati shi ko warwatsattsen haske ya shiga ta gilashi yana ɗan amfana da shi, sannan bangonsa na riƙe zafin da ya riga ya tara. Don Allah a kula da yara da idanu a wajen farantin, kuma idan an gama a juya fuskarsa daga rana. Inda hasken ke taruwa yana iya kunna tsumma ko zana.

Maman Hanif: To kanwa fa? Wata maƙwabciyata ta ce in jefa 'yar kanwa kawai, waken zai nuna tare da shinkafar ba sai na raba su ba.

Bashir Zariya: Gaskiyarta. Garau-garau ma ai ba ya yin launin nan mai kyau sai da kanwa. Kuma kada a sa gishiri da wuri, shi ke ƙandarar da wake.

Hajiya Rabi Sakkwato: Kanwa tana aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Matsalar ita ce a kan wuta kina tsaye, kina ganin lokacin da waken ya yi ki wuce gaba. A akwati awa uku zai yi da kanwar ba mai dubawa. Idan ta ɗan yi yawa sai ki buɗe ki ga bayan waken ya saluɓe, ruwan ya yi kauri, shinkafar ta ɗauki baurin kanwa. Idan an jiƙa waken kwana ni ban ga buƙatarta ba. In kuma dole ne, a jiƙa ɗan guntu kamar ƙwayar waken kansa a ruwa, a tace, a zuba ruwan a tukunyar wake kaɗai.

Malam Auwal: Akwai kuma cewa yawan kanwa yana lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikin wake, don haka a taƙaita. Batun gishiri kuwa Bashir, ɗan gishirin girki ba shi ne babban mai laifi ba. Abu mai tsami ne ke hana wake laushi, tumatir ko tsamiya. Masu son yin dafa-duka da wake su bari sai ya nuna kafin su zuba kayan miya. Ruwan wasu rijiyoyi ma, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yana jinkirta wake. Haka tsohon wake da ya shekara a ɗaki mai zafi, shi wani lokacin ko a kan itace sai ya gwada maka taurin kai. Yanzu da ake da sabon wake na kaka, shi ya fi dacewa da gwaji.

Bashir Zariya: Ni dai a gidanmu mun gwada, da gishiri ya fi daɗewa. Malam ka bar ni a kan nawa.

Anti Jummai: Ni damuwata jiƙon ne. Waken da aka jiƙa kwana yana kumbura, bayansa ya saki, idan ya dahu ba ya tsayawa ƙwaya-ƙwaya. Garau-garau kuma sunansa ya faɗa, ana son a ga kowace ƙwaya daban. Maigidana da ya ɗanɗana ya san an jiƙa. Ni awa uku kawai nake jiƙawa, daga asuba zuwa hantsi, da ruwan ɗumi.

Hajiya Rabi Sakkwato: A bazara zan bi ki Jummai, don a lokacin ma jiƙon kwana yana iya fara tsami saboda zafin dare, ki tashi ki ga kumfa a kai. Amma a hunturu, da awa huɗun da Malam ya lissafa, jiƙon awa uku caca ne. Kuma tunda a akwati ruwa ba ya bulbula yana wujijjiga waken, ba ya farfashewa kamar a kan wuta. Nawa yana fitowa a tsaye.

Anti Jummai: To wataƙila irin waken ne. Ni farin wake manya nake saya. Zan gwada ƙanana in gani, amma har yanzu ina ganin ɗanɗanon ba ɗaya ba ne.

Alhaji Mahamat: Salamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Na yi tuƙin mota a gabashin Cadi, na ga irin murhun ranar da ake raba wa matan da suka gudo daga Darfur a sansanin Iridimi. Kwali ne kawai da aka manna wa takarda mai ƙyalli, a naɗe shi kamar littafi, tukunya baƙa kuma a sa ta cikin leda mai jure zafi a ɗaure bakin. Abin da na riƙe shi ne ba a dogara da shi shi kaɗai. Akwai kwando da aka cika da tsummoki, idan abinci ya tafasa a rana sai a ɗauke tukunyar a binne ta a ciki a rufe, ta ƙarasa nuna da zafinta, kuma ta kai dare da ɗumi. Iyalina yanzu haka suke yi da wake. Idan iska ta taso bayan azahar ba sa tsayawa jayayya da ita, kwando kawai.

Maman Hanif: Alhaji leda ba ta narkewa?

Alhaji Mahamat: Ta kasuwa da ake zuba kaya tana narkewa ta manne da tukunya, kada ki gwada 'yata. Waccan daban ce. Kuma ana ɗora tukunyar a kan ƙananan duwatsu uku a cikin ledar don haske ya shiga ta ƙasa. Ke mai akwati da gilashi ba ki buƙatarta.

Malam Auwal: Maganar iska da Alhaji ya kawo tana da muhimmanci ko ga mai akwati. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, wato ta bayan madubin, sai ta riƙa kaɗa shi hasken yana zamewa, tana kuma sanyaya gilashin. A matsa da akwatin kusa da katangar da ke arewacin tsakar gida, ta kare shi, kuma inuwarta a wannan lokaci ba ta faɗowa ta kudu. A sa katako ko tabarma a ƙarƙashinsa maimakon siminti mai sanyi. A duba bakin gilashin kuma, idan ka kai bayan hannu ka ji zafi na fita ta wata kafa, a liƙa tsumma ko auduga a wurin.

Wannan jerin da na ba da na hunturu ne fa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana a Kano tana bi ta saman kai, har ta ɗan karkata arewa. A lokacin akwatin gabas zai kalla da safe, idan rana ta take a juya shi gaba ɗaya ya kalli yamma. Wanda ya bar shi yana kallon kudu a watan Yuni kaɗan kawai madubinsa yake ƙara masa.

Sadiya Kumasi: Mu nan wannan lissafin duk ba ya zama. Safiya gajimare, rana ta leƙo sha ɗaya, ƙarfe biyu hadari ya haɗo. Kwanaki na sa shinkafa da wake, rana ta ɓace wajen ɗaya, na bar tukunyar a ciki har magariba ina cewa ko za ta ƙarasa. Da na buɗe da ɗan ɗumi kawai, shinkafar rabin nuna. Na ƙarasa a kan gawayi muka ci. Wata ta ce min bai kamata ba, gaskiya ne?

Malam Auwal: Gaskiya ta faɗa miki Malama Sadiya. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta gama kashe ta. Idan abincin ya sauka ƙasa da digiri 60 ya zauna awanni da ɗumi-ɗumi, sai ta hayayyafa ta saki guba mai sa amai, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Saboda haka idan rana ta ɓace, kuma kin ga ba ta da niyyar dawowa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ki ɗauke tukunyar tun tana da zafi ki ƙarasa a wuta nan take. Gawayi kaɗan zai ci tunda rana ta yi miki rabin aiki. Ma'auni mai sauƙi: idan za ki iya riƙe jikin tukunyar da hannu babu tsumma, ta huce fiye da kima. Wannan ya shafi kwandon da Alhaji ya faɗa ma, sai tukunya na tafasa ake sa ta, kuma a fito da ita da zafinta.

Sadiya Kumasi: Na gode Malam. To a damina gara in dafa waken kaɗai a rana da ta samu, shinkafar a wuta?

Hajiya Rabi Sakkwato: Haka nake yi a Agusta. Wake shi ke cin itace, shinkafa minti talatin ce. Gizagizan da ke wucewa ɗaya-ɗaya ba sa hana akwati aiki, jinkiri kawai suke kawowa. Wanda ya rufe sama ruf shi ne matsala.

Maman Hanif: Tambaya ta ƙarshe don Allah. Ta yaya zan san abin da ke faruwa a ciki ba tare da na buɗe ba? Ni kowane rabin awa sai na leƙa.

Hajiya Rabi Sakkwato: Ki daina, kowace buɗewa tana cin minti goma sha biyar ko fiye kafin zafin ya dawo, a ranar iska ma ya fi haka. Buɗewa ɗaya ce a tsarin nan, ta zuba shinkafa, kuma ki jera komai a kusa kafin ki ɗaga gilashin. Alamar da nake bi ita ce gumi. Idan kika ga raɓa ta fara taruwa a cikin gilashin ta kusurwoyi, tukunyar ta kai tafasa. A kan wake, daga ganin raɓar ki ba shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan kin zuba shinkafa, idan raɓar ta dawo kuma ƙamshi ya fara fita, ki ƙara kamar minti arba'in. Idan ma kin wuce ba ya ƙonewa, wannan ne daɗin akwati.

Wace irin tukunya kike sawa ma tukuna?

Maman Hanif: Ta dalma ce irin ta maƙera, mai kauri, na goge ta tas tana ƙyalli.

Hajiya Rabi Sakkwato: To canja ta. Mai ƙyalli mayar da hasken take yi, mai kauri kuma sai ta sha nata zafin kafin ta ba ruwa. Nemi marar nauyi, mai faɗi ba mai zurfi ba, baƙa har murfinta, domin ta sama hasken ya fi sauka. Tsohuwar tukunya da hayaƙin itace ya baƙanta bayanta ta yi, sai dai murfin ki baƙanta samansa shi ma. Idan fenti za ki shafa, a waje kawai, kuma ki bar ta ta yi kwana biyu a akwatin babu abinci har warin ya fita.

Nura Mai Sola: Malam Auwal, ni kuma yanzu sha'awa ta kama ni. Idan zan sa kafinta ya haɗa min, gilashi ɗaya ko biyu?

Malam Auwal: Biyu, da tazarar kamar faɗin yatsa a tsakaninsu, ya fi riƙe zafi a ranar iska da sanyi, ko da yake yana ɗan rage hasken da ke shiga. Ga mai son dafa wake a hunturu ni biyu zan zaɓa. Bangon kuma a cusa auduga ko ƙaiƙayi busasshe a tsakanin katako na waje da kwanon ciki, kada a sa soso ko farin abin nan da ake naɗe firji da shi, zafi yana narka su su yi wari.

Zara'u Maraɗi: Wanda ya haɗa wa yayata nata gilashi ɗaya ya sa, kuma tana dafa wake da shi har a Janairu. Madubi biyu dai ya yi mata maimakon ɗaya.

Malam Auwal: Shi ma hanya ce, sai dai mai madubi biyu yana son a riƙa juya shi akai-akai, don na gefen yana yi wa tukunya inuwa da zarar rana ta gota. Nura, ka auna tukwanen da za ka riƙa sawa kafin a yanka katako, biyu su zauna gefe da gefe, kuma kada zurfin akwatin ya wuce tsayinsu da fiye da yatsu uku.